Yadda ake juya gudun ɗan tsere daga m/s zuwa km/h da mph ba tare da an yi kwaɓa ba

Akwai wani yaro da nake horarwa, ɗan mita 100, ranar nan ya zo fili yana ta washe baki wai agogon hannunsa ya nuna masa 31, shi kuma ya karanta a waya cewa ƙarshen gudun Usain Bolt 27.8 ne, saboda haka wai ya wuce Bolt. Na ce masa to sannu gwani, amma 31 ɗin me, 27.8 ɗin me? Ya yi shiru. Nasa kilomita ne a awa, wato km/h, na Bolt mil ne a awa, wato mph, in ka mayar da na Bolt kilomita 44.7 ne. Tun ranar na daina ɗauka cewa kowa ya iya wannan lissafin, don har cikin kociyoyi akwai masu ruɗewa. Da wannan yaron zan yi misali tun daga farko har ƙarshe don kar lambobi su yi mana yawa.

Kayan da za ka tanada

Tef na awo, mai mita 30 ko 50, ka duba da kyau gefen mita kake karantawa don da yawansu gefe ɗaya mita ne ɗayan kuma ƙafa da inci. Sai robobin alama guda huɗu zuwa shida, in babu ko takalma ko gorar ruwa sun wadatar. Sai abin ɗaukar lokaci: in kana da na'urar nan mai ƙafa uku da ke tsayar da agogo da kanta in mutum ya gifta to ka huta, in babu wayarka mai bidiyo ta fi agogon dannawa nesa ba kusa ba, zan faɗi dalili a gaba. Sai kalkuleta, ta waya ma ta isa, da littafi da biro. Littafin nan kar ka raina shi, a ciki za ka riƙa rubuta kowace lamba tare da ma'auninta a gefe, 8.82 m/s, wato mita 8.82 a sakan, ba 8.82 tsurarta ba.

Mataki na 1: Haddace lambobi uku kawai

Kilomita ɗaya mita 1000 ce, awa ɗaya sakan 3600 ce. Wanda ke cin mita ɗaya a kowace sakan, in ya ɗore awa guda ya ci mita 3600, wato kilomita 3.6. Daga nan 3.6 ɗin da kake ji ta fito, ba wani sihiri. Mil ɗaya kuma mita 1609.344 ce cif, haka aka tsayar tun 1959, don haka in ka raba 3600 da 1609.344 za ka samu 2.237. Ga su a jere:

```
km/h = m/s × 3.6        m/s = km/h ÷ 3.6
mph  = m/s × 2.237      m/s = mph × 0.447
km/h = mph × 1.609      mph = km/h ÷ 1.609
```

Shawarata ita ce komai aka kawo maka, ka fara mayar da shi m/s tukunna sannan ka wuce inda za ka. Dalili kuwa filin tsere da mita aka auna shi, agogo kuma sakan yake ƙirgawa, don haka m/s ce kaɗai za ka iya juyawa kai tsaye ta zama "ka yi min mita 30 a sakan kaza". Kilomita a awa da mil a awa na hira ne da kwatance da karanta na'urori, babu ɗan gajeren zango da ke gudun awa guda.

In ka rikice ko ninkawa za ka yi ko rabawa, ka tuna cewa a gudu iri ɗaya lambar m/s ce ƙarama, ta mph tana tsakiya, ta km/h ce babba. Misali 10, 22.4, 36, duk gudu ɗaya ne. In ka juya m/s zuwa km/h ka ga lambar ta ragu, to ka raba a inda ya kamata ka ninka.

Mataki na 2: Tabbatar da nisan kafin ka taɓa kalkuleta

Wannan shi ne inda mutane ke tsallakewa. Lissafi ba zai gyara nisan da aka auna ba daidai ba. In kan layin tsere na gaske kake mai mita 400, mita 100 ɗin a shate take, amma gajerun zango irin 10, 20, 30 kai za ka auna da tef, kar ka yi da taku. Kuma in ka sa yaro ya zagaya fili a layi na huɗu ko na biyar daga layin farawa ɗaya da mai layin farko, ba mita 400 ya yi ba, kowane layi da ka matsa waje yana ƙara mita bakwai da wani abu a zagaye guda.

Sai maganar yadi. Yadi ɗaya mita 0.9144 ne. Yawancin bidiyon da yara ke gani na ƴan ƙwallon Amurka gudun yadi 40 ne, wato mita 36.58, ba mita 40 ba. Haka wanda ya ce ya yi "goma a sakan ɗaya", tambaye shi goman me. In mita 10 ce gudunsa 10 m/s, wato 36 km/h, wannan gudun manya ne. In yadi 10 ne gudunsa 9.14 m/s, wato 32.9 km/h ko 20.5 mph, yana da kyau amma ba aji ɗaya suke ba. Bambancin kilomita uku a awa daga kalma ɗaya da ba a faɗa ba.

Mataki na 3: Yanke shawarar wane gudun kake nema, matsakaici ko ƙololuwa

Nan zan ɗan daɗe don nan ne gardama ta fi yawa. Bolt ya yi mita 100 a sakan 9.58 a Berlin a 2009. Raba 100 da 9.58 ka samu 10.44 m/s, ninka da 3.6 ka samu 37.58 km/h, ko 23.35 mph. To ina 44.7 ɗin da na faɗa ɗazu? Ita daga wani yanki ne na tseren, tsakanin mita 60 da 80, inda ya ci mita 20 a sakan 1.61. Raba 20 da 1.61 ya ba ka 12.42 m/s, wato 44.72 km/h, wato 27.8 mph. Mutum ɗaya, tsere ɗaya, lambobi biyu, kuma dukansu gaskiya ne. Na farko matsakaici ne, ya haɗa da sakan 0.146 da ya ɗauka kafin ya motsa bayan ƙarar bindiga, da duk lokacin da ya ɓata yana tara gudu daga tsaye. Na biyu kuwa shi ne lokacin da jiki ya gama buɗewa.

Don haka in ka ɗauki lokacin mita 100 na ɗan wasanka ka juya, abin da ka samu matsakaici ne, sai ka gwada shi da 37.58 na Bolt, ko 34.32 km/h na Florence Griffith-Joyner da ta yi 10.49 a 1988. In kuma ƙololuwa kake so to sai ka auna yankin da ya shiga da gudunsa a cike. Haɗa matsakaicin wani da ƙololuwar wani shi ne yake sa koci ya yi zaton yaronsa ya lalace alhali ba abin da ya same shi.

Yadda nake auna ƙololuwa: in sa alama ta farko inda zai tashi, in ba shi mita 25 zuwa 30 na tara gudu, sannan alama ta biyu, daga ita in auna mita 30 cif in sa ta uku, in bar masa fili a gaba don tsayawa. Lokacin da ake ɗauka daga alama ta biyu ne zuwa ta uku kaɗai. Ka gaya masa ya wuce alamar ƙarshe da gudunsa, don yara suna da halin sassautawa taku biyu kafin layi. Sau biyu ko uku ya isa, da hutun minti biyar ko fiye a tsakani, ka ɗauki mafi kyau.

Mataki na 4: Ɗauki lokacin, ka san kuma irin kuskuren da ke cikinsa

In da agogon dannawa ka ɗauki mita 100 daga farawa, ka sani yatsanka yana makara wajen tayar da agogo, don sai ka ga hayaƙin bindiga ko motsi sannan ka danna, a ƙarshe kuma kana ganin mai gudun yana tahowa sai ka danna a kan kari ko ma kafin ya iso. Shi ya sa lokacin hannu yake fitowa gajere. Al'adar da aka saba ita ce a ƙara sakan 0.24 a tseren mita 100 da 200, a ƙara 0.14 a mita 400, don a kusanta shi da lokacin na'ura. Yaron nan nawa 12.3 yake yi da agogon hannu. In na juya haka nan zan samu 8.13 m/s, wato 29.27 km/h. In na ƙara 0.24 ya zama 12.54, sai in samu 7.97 m/s, wato 28.71 km/h ko 17.84 mph. Sama da rabin kilomita a awa ya tafi, kuma na biyun ne zan rubuta in zan gwada shi da lokutan gasa.

Amma kar ka ɗauki 0.24 ɗin nan ka liƙa a kan mita 30 da aka shiga da gudu, ba don ita aka yi ba. A can ba bindiga, kuskuren yatsa yana iya faɗawa kowane gefe. Nan ne bidiyo ke da amfani. Ka tsaya a gefe can nesa, kamar mita 20 zuwa 30 daga layin, daidai tsakiyar yankin, ka sa wayar a 60 fps, wato hoto 60 take ɗauka a kowace sakan. Bayan ya gudu sai ka bi bidiyon hoto bayan hoto, ka nemo inda ƙirjinsa ya zo kan alama ta biyu da inda ya zo kan ta uku, ƙirji fa, ba hannu ko ƙafa ba, ka ƙirga hotunan da ke tsakani. Na yaron nan 204 ne. Raba 204 da 60, sakan 3.40.

Abu biyu ke ɓata wannan. Na ɗaya tsayawa kusa da layi, don daga kusa kana kallon alamomin ne a karkace, sai ka ga kamar ya iso alhali da saura. In fili ya matse maka, ka sa alama biyu a kowane wuri, ɗaya a kowane gefen layinsa, ko ka nemi waya ta biyu. Na biyu bidiyon da ake rage wa sauri. In ka ɗauka a 240 fps waya tana nuna maka shi a hankali, yawanci ninki takwas, sai ka ga sakan 27.2 a ƙasan allo, ka raba 30 da ita ka samu gudun tafiyar ƙafa. Hotunan za ka ƙirga ka raba da 240, ko ka raba sakan ɗin allo da takwas in ka tabbatar haka wayarka take yi.

In wayarka 30 fps kawai take yi, ba laifi, amma ka bar yankin da kake aunawa a mita 30, kar ka rage shi zuwa mita 10. Ga dalili: a mita 10 yaron nan hoto 34 zai ci, wato 8.82 m/s. In ka yi kuskuren hoto ɗaya tak ka ƙirga 33, ya koma 9.09 m/s, wato 32.7 km/h. In ka ƙirga 35 ya koma 8.57, wato 30.9 km/h. Kusan kilomita guda a awa sama ko ƙasa saboda hoto ɗaya, alhali ci gaban da yaro zai yi a wata biyu na horo wani lokacin bai kai haka ba. A mita 30 kuskuren ya ragu gida uku.

Mataki na 5: Yi lissafin

Yanzu mai sauƙin. Nisa a raba da lokaci: 30 ÷ 3.40 = 8.8235. Kar ka goge, bar ta a kan kalkuleta yadda take ka ninka da 3.6, za ka ga 31.76 km/h. Koma ka ninka 8.8235 da 2.237, ka samu 19.74 mph. Don ka tabbatar ba ka danna wani abu daban ba, raba 31.76 da 1.609, in ta dawo 19.74 to lafiya lau. Ka ga kenan agogon yaron da ya ce 31 bai yi ƙarya sosai ba, inda ya kai lambar ne ba wurinta ba. Shi yana 8.82 m/s, Bolt yana 12.42, a kowace sakan ana ba shi ratar mita uku da rabi da ɗoriya.

Kar ka yanke lamba tun a tsakiya. Na sha ganin wanda zai ce 8.82 ai 9 ce, ya ninka ya samu 32.4, ya ƙara wa yaro gudun da bai yi ba. Sai a ƙarshe ake yankewa, m/s lamba biyu bayan ɗigo, km/h da mph lamba ɗaya ta isa in da waya ko agogon hannu ka auna, don rubuta 31.7647 alhali da yatsa ka ɗauki lokaci yaudarar kai ce. Haka masu amfani da 2.2 maimakon 2.237, za su samu 19.4, ya yi ƙasa da yawa. In za ka gajarta to 2.24.

Akwai gajeriyar hanya in km/h kawai kake so: ninka nisan da 3.6 sau ɗaya ka haddace. Mita 100, raba 360 da lokacin. Mita 30, raba 108 da lokacin. Mita 20, 72. Mita 10, 36. Gwada: 108 ÷ 3.40 = 31.76, daidai da ɗazu.

Wani tarko da ke kama masu mita 400: agogo ya nuna 1:05.30 sai mutum ya danna 1.05 a kalkuleta, ya samu 381 m/s, gudun da ya wuce na sauti. Minti ɗaya sakan 60 ne, lokacin 65.30 ne, 400 ÷ 65.30 = 6.13 m/s, wato 22.1 km/h. Ka riƙe wannan ma'aunin a kai: duk amsar da ta wuce 12.5 m/s, ko 45 km/h, ko 28 mph a kan ɗan Adam da ƙafarsa, kuskure ne, koma ka duba.

In ba kalkuleta a kusa, ko hannunka riƙe da abubuwa, ga yadda nake yi da ka. Daga m/s zuwa km/h: ninka da huɗu ka cire kashi ɗaya cikin goma na abin da ka samu, 8.8 sau huɗu 35.2, cire 3.5, saura 31.7. Daga mph zuwa m/s: raba biyu ka cire kashi ɗaya cikin goma, 20 ta zama 10 ta zama 9, ainihin amsar 8.94. Daga km/h zuwa mph: raba takwas ka ninka biyar, 32 ta zama 4 ta zama 20, ainihin 19.9. Na hira a bakin fili ne, ba na rubutawa a littafi ba.

In yaranka suna da yawa, zuba su a Excel ko Google Sheets, nisa a A, sakan a B:

```
C2: =A2/B2
D2: =C2*3.6
E2: =C2*2.23694
```

Ka ja layin ƙasa ya cika sauran. In ka ga yana ƙin lissafi, duba ko wayar waƙafi take so a madadin ɗigo, wasu saitin haka suke, kuma sakan zalla za ka rubuta a B, ba 1:05 ba, in ba haka ba zai ɗauka ƙarfe ɗaya da minti biyar kake nufi.

Mataki na 6: Juya shi baya, daga gudu zuwa lokacin da za ka ba ɗan wasa

A gaskiya wannan ne koci ya fi bukata kullum. Ba za ka ce wa yaro "yi min 28 km/h" ba, ba shi da allo a goshi. Lokaci za ka ba shi: nisa a raba da m/s. A ce shirin horo ya ce a yi mita 30 a kashi 90 cikin 100 na ƙololuwa. Kashi 90 na 8.82 shi ne 7.94 m/s, 30 ÷ 7.94 = 3.78. Ko a taƙaice ka raba lokacinsa da 0.90, 3.40 ÷ 0.90 = 3.78. Kashi 95 kuma 3.58.

Ga kuskuren da ni ma na yi shekara da shekaru kafin in farga. Yaron nan mita 200 yana yin 25.5. In an ce a yi gudun kashi 75, sai in ƙara kashi 25 a kan lokacin, 25.5 × 1.25 = 31.9, in ce su yi 32. Ashe wannan kashi 80 ne. Kashi 75 na gudu shi ne 25.5 ÷ 0.75 = 34.0. Sakan biyu a mita 200 ba wasa ba ne in sau takwas ko goma za a maimaita, ranar da ya kamata ta zama mai sauƙi sai ta koma mai wuya, a zagaye na shida ka ga kafaɗu sun ɗage, hannu ya daina komawa baya, washegari kuma ƙafa ta yi nauyi a ranar gudu mai ƙarfi. Na daɗe ina cewa ragwanci ne, ashe lissafina ne. Gudu da lokaci kishiyoyi ne, in za ka rage ɗaya da kashi, ɗayan rabawa ake yi.

Haka in an ba ka buri a mph, irin "ya kamata ya taɓa 20 mph". 20 × 0.447 = 8.94 m/s, 30 ÷ 8.94 = 3.36. Yaron da ke 3.40 saura masa 0.04 kenan, wato hoto biyu zuwa uku a bidiyon 60 fps. Ka ga yanzu burin ya zama abin da za a iya gani.

Mataki na 7: Karanta na'urori da idon basira

Injin gudu na jim shi ya fi haɗari. Wani a km/h yake, wani a mph, kuma lambar kawai za ka gani da girma, ma'aunin a ɗan ƙaramin rubutu ko babu ma. 12 a injin km/h sassarfa ce, 3.33 m/s. 12 a injin mph kuwa 19.3 km/h ne, 5.36 m/s, wanda bai shirya ba sai ya tsinci kansa a bango. Kafin ka ɗora kowa, sa injin a 3 ka hau da kanka: in tafiya ce ta yanga kamar kana jiran wani, km/h ne, in tafiya ce sosai ta mai zuwa wani wuri, mph ne, don 3 mph kusan 4.8 km/h ne. Kuma ka sani gudun kashi 75 ɗin can na yaron, 200 ÷ 34 = 5.88 m/s, ya kama 21.2 km/h ko 13.2 mph, injinan jim da yawa ba sa kaiwa nan, suna tsayawa wajen 20 km/h ko 12 mph. Ƙololuwarsa kuwa ba a maganarta a irin wannan injin.

Agogon hannu mai GPS kuma an yi shi ne don masu dogon zango, yawanci sau ɗaya a sakan yake duba inda kake, to gudun da gaba ɗayansa sakan uku ne me zai gani? Wani lokacin ya dace kamar na yaron nan, wani lokacin ya ba ka 26 yau gobe 35. Kar ka gina horo a kansa. In kuma ka ga ya rubuta abu kamar 3:00 /km, wannan ba gudu ba ne a awa, mintin da za a ci kilomita ɗaya ne, raba 60 da shi ka samu 20 km/h. In 3:30 ne ka danna 3.5, ba 3.30 ba.

Mataki na 8: Iska

Ita a gasa kullum da m/s ake rubuta ta, ita ce lambar da kake gani a gefen sakamako da alamar + ko −. A mita 100, 200, gajeren tsallaken shinge, da dogon tsalle da tsalle uku, in iskar da ke tura mutum daga baya ta wuce 2.0 m/s ba a karɓar lokacin a matsayin tarihi, duk da cewa wanda ya ci ya ci. 2.0 m/s ɗin nan 7.2 km/h ce kawai, ko 4.5 mph, iskar da da ƙyar za ta kaɗa maka riga. Tobi Amusan a gasar duniya a Eugene a 2022 ta yi 12.12 a zagayen kusa da ƙarshe na mita 100 na shinge, aka rubuta mata tarihin duniya, a zagayen ƙarshe ta yi 12.06 amma iska +2.5 ce, wato 9 km/h, sai ta tafi da zinare, tarihin kuma ya tsaya a 12.12.

A ranar gwaji in ka duba hasashen yanayi a waya ka ga 10, nan ma tambayar ɗazu ce, goman me. 10 km/h ÷ 3.6 = 2.8 m/s, ta riga ta haura iyaka. 10 mph × 0.447 = 4.5 m/s, ta ninka iyakar sau biyu da ƙari. Sai dai lambar waya ta gari ce baki ɗaya, ta gasa kuwa a gefen layi ake auna ta, mita 50 kafin layin ƙarshe, na tsawon sakan 10 a tseren mita 100, kuma wadda ke bin tsawon layin kaɗai ake ƙirgawa, mai bugowa daga gefe ba ta shiga. In ba ka da na'urar auna iska, abin da nake yi shi ne in ɗaura ɗan ƙyalle a sanda a tsakiyar yankin, in sa yaro ya yi gudu ɗaya yana bin iska ɗaya yana fuskantarta, in rubuta duka biyun da kibiya a gefe mai nuna inda ƙyallen ya karkata. Ranar da yaron nan ya yi 3.33 da iska a bayansa, wato 9.01 m/s, 20.2 mph, har ya fara murnar ya haye ashirin, na juya alamomin na ce ya dawo ta ɗaya gefen, ya yi 3.46.